Yadda layi shida suka kai ni gaban Alhaji a Kawo

Ranar wata Lahadi ce bayan sallar isha'i, ina kwance a tsakar gida saboda zafi ga babu wuta, wayata cajinta bai fi kashi 20 ba, sai na ga guruf ɗin unguwarmu na WhatsApp ya cika da saƙo. Wannan guruf ɗin na mutanen Hayin Banki ne a Kaduna, mun haura mutum ɗari uku a ciki, kuma gaskiya yawanci sanarwar rasuwa ce da ɗaurin aure da cigiyar akuya da rigimar kuɗin gyaran taransifoma, shi ya sa na daɗe da rufe mishi baki ba ya min ƙara. Allah ne kawai ya sa na buɗe. Wata Anti ce da ke layin bayanmu ta saka cigiya, ga yadda ta rubuta:

"Salam jama'a. Ana neman yaro mai hankali a shagon sari na kayan masarufi kusa da kasuwar Kawo. Ya iya lissafi da rubuta kaya a littafi, ya iya POS, ya zama yana zaune kusa. Ƙarfe 8 na safe zuwa magariba, ban da Lahadi. Sai da wanda zai tsaya mishi. Mai so ya yi min magana ta gefe, kar a kira don Allah."

Lokacin wata na bakwai ke nan ina zaune. Na gama ND a Kad Poly ɓangaren akanta, kafin nan da ma lokacin da nake makarantar na yi shekara biyu ina riƙe wa yayana kes ɗin POS a bakin titi, to da ya tashi ya koma Zariya da iyalinshi sai ya rufe. Ka ga ke nan wannan aikin kamar an auna ni aka ɗinka. Amma kafin in gama karantawa sau biyu har mutane sun fara zuba amsa a ƙasa. Wani ya rubuta "Interested", wani ya sake rubuta "Interested", wani ya ce ina so, wani ya ɗaga yatsa kawai, wani ya ajiye lambar wayarshi babu ko sallama, wani kuma ya ce nawa ne albashin. Na ƙirga a daren sun kai mutum ashirin da wani abu. Ni ma wallahi yatsana ya riga ya rubuta "Interested" ɗin, saura in danna, sai idona ya koma kan layin ƙarshe na cigiyar: ya yi min magana ta gefe. Matar nan ta faɗi abin da take so ƙarara, kuma duk waɗannan bayin Allah sun fara da saɓa umarni na farko da aka ba su. Na goge.

Kafin in rubuta komai sai da na tsaya na tabbatar cigiyar ta gaske ce, don an taɓa cin kuɗina. A bara wani ya turo irin wannan a wani guruf wai ana ɗaukar ma'aikata, na bi, aka ce in tura dubu uku kuɗin fom, na tura, daga nan lambar ta daina shiga. Wancan saƙon a samanshi akwai "Forwarded many times", wato ya bi hannu da yawa kafin ya iso, babu wanda ya san asalin wanda ya rubuta shi, babu sunan unguwa babu komai. Wannan kuwa babu alamar an turo shi daga wani wuri, ita ta rubuta da hannunta, na san gidansu, na san mijinta muna haɗuwa a masallaci, ta faɗi wurin aiki da lokacin aiki kuma ba ta nemi ko sisi ba. Duk da haka na leƙa ɗakin Umma na tambaye ta ko Antin nan tana da mai shago a Kawo, ta ce ai yayanta ne, shago biyu gare shi. Shi ke nan hankalina ya kwanta.

Sai na zauna rubutu, kuma a nan na fara yin shirme. Na ɗauko irin wasiƙar neman aiki da aka koya mana, da Turanci, na fara da gaisuwa mai tsawo, na ce ni mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana mai iya aiki da mutane, na jero firamare da sakandare da Poly da shekarun da na gama kowacce, na ƙara da cewa mahaifinmu ya rasu ni ke taimakon gida a taimaka min don Allah. Da na gama na tura wa kaina don in ga yadda zai fito, sai na ga ya cika fuskar wayar har WhatsApp ya yanke shi ya sa "Read more" a ƙasa. Ni a raina na ji daɗi ma, wai na yi rubutu mai nauyi.

Na tura wa Yaya a Zariya na ce ya duba min. Bai yi minti biyar ba ya kira, yana dariya. Ya ce kai wa kake rubuta wa wannan, gwamna? Na ce Yaya ai haka ake neman aiki. Ya ce a ofis ba, amma wannan matar tana riƙe da waya da hannu ɗaya tana sa yara barci da ɗayan, saƙo talatin za su shigo mata, kuma ba ita ce mai ɗauka ba, tura wa Alhaji mai shagon za ta yi ko ta karanta mishi a waya, to ka rubuta abin da za ta iya karanta mishi da numfashi biyu. Sannan ya tambaye ni abin da ya sauya min tunani gaba ɗaya. Ya ce lokacin da na ba ka kes ɗina, me kake ganin nake tsoro? Na ce kar kuɗi su ɓata. Ya ce sai me? Na ce kar in ƙi buɗewa da wuri. Ya ce to mai shago ma tsoronshi ke nan, kuɗi da kaya su yi ƙafa, yaro ya riƙa zuwa ƙarfe goma, in abu ya faru a rasa wanda za a kama. Satifiket ɗinka ba ya maganin ko ɗaya a ciki.

Da na ajiye waya sai na koma kan cigiyar na karanta ta a matsayin tambayoyi. Ka iya lissafi da littafi? Ka iya POS? Kana kusa? Lokacin ya yi maka? Wa zai tsaya maka? Tambaya biyar. Doguwar wasiƙata ba ta amsa ko uku a ciki ba, tana can tana ba da labarin firamare. Na goge ta duka, na sake da Hausa tunda da Hausa aka yi cigiyar, kuma ga abin da na ƙare da shi bayan na yi ta yanka:

"Assalamu alaikum Anti, barka da dare. Ni ne ɗan Hajiya mai ɗinki ta layin masallaci, na ga cigiyar aikin shagon Kawo a guruf ɗin unguwa. Na yi shekara 2 ina riƙe da kes ɗin POS, ni ke rubuta shiga da fita ina rufe lissafi kullum da yamma, kuma na gama ND akanta a Kad Poly. Nan Hayin Banki nake, da ƙafa ma zan je, ƙarfe 8 zuwa magariba ya yi min kuma zan iya farawa gobe. Kawuna malamin makaranta ne a Unguwar Dosa, ya yarda zai tsaya min. In Alhaji yana so in zo ya gwada ni, duk lokacin da ya ce. Na gode."

A wayata layi shida ne da ɗan wani abu, bai kai inda za a yanke shi ba. Bari in faɗi dalilin wasu abubuwan da ke ciki, don kowanne sai da na yi gardama da kaina a kai.

Na farko shi ne gabatar da kai. A guruf ɗin unguwa wanda bai ajiye lambarka ba abin da yake gani lamba ce da sunan da ka sa wa kanka, ni kuma sunan da na sa wani laƙabi ne na ƙwallo, hoton kuma na wani ɗan wasa. Kafin in tura sai da na canza suna zuwa sunana na gaskiya na sa hotona da kaftani na ranar sallah. Sannan a cikin saƙon ban tsaya kan sunana ba, don sunana akwai irinshi goma a layinmu, na faɗi ɗan wace ce ni. A unguwa wannan ita ce takardar shaida, Anti ta san Umma, ta taɓa kawo mata ɗinki, daga jin haka ta san gidan da za a zo in na yi ba daidai ba. Wanda bai da irin wannan haɗin sai ya faɗi layinsu ko masallacin da yake sallah, wani abu dai da zai cire shi daga zama baƙuwar lamba.

Na biyu, maganar ƙwarewa. A rubutun farko na ce ni mai riƙon amana ne. To wa zai rubuta cewa shi ɓarawo ne? Kalmar ba ta ɗauke da komai tunda kowa zai iya faɗa. Amma in na ce shekara biyu ina rufe lissafi kullum da yamma, wannan abu ne da za a iya tambaya a kai, za a iya kiran Yaya a ji, kuma duk mai shago ya san me rufe lissafi yake nufi: ka ƙirga kuɗin hannu, ka duba abin da ya rage a na'ura, ka haɗa da abin da aka buɗe da shi da safe da cajin da aka karɓa, su yi daidai ko ka nemo inda suka tafi. Na so in ƙara cewa ni na riƙe kes ɗin lokacin wahalar kuɗi ta farkon 2023 da aka canza takardun Naira, lokacin da mutane ke layi tun asuba, amma na ga labari ne, labari kuma na baki ne in an zauna, na bar shi. Kuma da gangan na sa POS kafin ND, saboda ba a nemi ND ba a cigiyar, ƙari ne kawai. Har Yaya ya ce in cire shi kar Alhaji ya ga kamar zan yi wata biyu in gudu, ni na ce a'a a bar shi, gaskiya ce kuma yana ƙarfafa maganar lissafi. Akwai abin da na cire don tsoron Allah da tsoron kunya: na rubuta na iya kwamfuta sosai, alhali abin da na sani a Excel bai wuce shigar da kaya da haɗa jimla ba, kuma ba a ma tambaya ba.

Na uku shi ne mai tsayawa, kuma nan ne na kusa yin kuskure. Na riga na rubuta sunan Kawu kafin in tambaye shi, wai ai ba zai ƙi ba. Umma ce ta ce kai, kira shi tukuna, tsayawa mutum a wurin kuɗi ba gaisuwa ba ce, in kaya suka ɓata shi za a nema. Na kira shi wajen tara da rabi, ya yi min tambayoyi kamar shi ne mai shagon, ina ne, na wa ne, sannan ya ce to ya yarda amma kar in ba da lambarshi sai an nema. Shi ya sa a saƙon na faɗi aikinshi da unguwarsu kawai. Ka yi tunanin a ce Alhaji ya kira shi washegari ya ce ban san zancen ba, ai aiki ya mutu a nan.

Maganar albashi ban sa ba, kuma na san akwai masu cewa ai haƙƙinka ne ka tambaya. Haƙƙinka ne mana, ni ma na tambaya, amma a gaban mai biya. Anti ba ita za ta yanke ba, in na tambaye ta sai dai ta ce sai ka zo, na ɓata layi ɗaya a banza kuma ya zama shi ne abin da ta fara sani game da ni. Labarin maraici ma na cire, ba don ƙarya ba ne, sai don mai neman yaron shago ba sadaka yake rabawa ba, kuma wani in ya ji kana cikin matsi sai ya ji tsoron bar maka durowar kuɗi. Abin ba daɗi amma haka mutane suke.

Wajen turawa na danne cigiyar tata a guruf na zaɓi "Reply privately", amfanin haka shi ne saƙona zai je mata da cigiyar a maƙale a sama, ba sai ta yi tunanin wane zance nake ba. Ban yi saƙon murya ba duk da ya fi min sauƙi, don ba a iya duba shi da ido ɗaya, sai an nemi wuri shiru, kuma in za ta koma ta nemo wanda ya ce yana da mai tsaya mishi ba za ta sake sauraron murya ashirin ba. Ban tura salam kaɗai in jira ta amsa ba, ban kuma yayyanka shi gutsi-gutsi ba, dunƙule ɗaya na tura. CV ma ban haɗa ba, na dai ajiye shi a PDF a waya ko za a nema, har yau ba a nema ba. Ƙarfe goma saura kwata na tura, na ɗan yi shakka ko dare ya yi wa matar aure saƙo, amma na ga tana kan layi tana amsa wa mutane a guruf, da ya wuce goma da na bari sai safe.

Ina turawa na ga na rubuta "magarbia". WhatsApp yana ba ka minti 15 ka gyara saƙo, na danne na zaɓi "Edit" na gyara, sai dai yana nuna an taɓa shi, wanda ya fi a goge a sake turowa ya bar wannan alamar an goge saƙo da ke sa mutum tunanin me ka faɗa.

Ta karanta a daren, alamar ta koma shuɗi, ba ta ce komai ba. Litinin ta wuce shiru. Wallahi hannuna ƙaiƙayi yake in kira, amma an ce kar a kira. A guruf kuwa masu "Interested" sun fara tambayar Anti ba ki amsa mana ba, har admin ya fito ya ce jama'a ku karanta sanarwa kafin ku yi magana. Ranar Talata da safe na tura layi ɗaya: Anti barka da safiya, ina nan dai in ana buƙatata yau, na san ranar kasuwa ce. Talata ce ranar cin kasuwar Kawo, na san shago zai cika, in akwai ranar da Alhaji zai ji rashin yaro to ita ce. Bayan azahar ta amsa, ta ce ka je gobe ƙarfe tara, ka ce ni na turo ka.

Da na je mu huɗu na tarar. Daga baya Anti ta gaya wa Umma cewa mutum goma sha ɗaya ne suka bi ta gefe, a cikinsu huɗun nan ne kawai suka faɗi inda suke da wanda zai tsaya musu, saura daga salam sai ina son aikin, wani kuma hoton satifiket ya turo babu magana. Alhaji yana zaune kan benci da wayarshi a hannu, da aka zo kaina sai na ga saƙona ne a buɗe, Anti ta tura mishi yadda yake. Bai tambaye ni komai a wajen abin da na rubuta ba, layi-layi ya bi. Ya ce kai ne ɗan mai ɗinki? Na ce e Alhaji. Ya ce ka ce kana rufe lissafi, to ga biro, mutum ya ɗauki katan 12 na taliya a kan 9,500, ya yi tiransifa ta dubu ɗari, nawa ya rage kuma yaya za ka rubuta? Na buga 114,000, saura 14,000, na ja layi na rubuta kwanan wata da sunan mai kaya da yawan katan da abin da ya biya da ta wace hanya, bashin kuma na kai shi gefe daban. Ya duba ya ce in ya nuna maka risit a wayarshi cewa ya tura fa? Na ce Alhaji ba na sakin kaya da risit ɗin wayar kwastoma, sai na ga kuɗin sun shiga a namu, a nan ne na ba shi labarin 2023 da wani da ya zo min da alat na ƙarya ana tsakiyar layi. Ya yi dariya ya ce su ma an yi musu.

Sai ya zo kan "zan iya farawa gobe". Ya ce ka rubuta gobe tun ranar Lahadi, yau Laraba, to cire hularka ka shiga ciki a ƙirga katan ɗin madara da aka sauke jiya. Ni da na zo da farin kaftani a goge, ban kawo a raina za a kama ni da wannan kalmar ba, da na ce sai Litinin da ya san sauran saƙon ma cika baki ne. Na naɗe hannun riga na shiga. A wajen cin abincin rana na tambayi albashi, ya faɗa, ya yi ƙasa da abin da na sa rai, na ce a ƙara kuɗin abinci, ya ce sati biyu na gwaji tukuna sannan mu sake zama, kuma in gaya wa Kawu ya zo ranar Asabar su gaisa ya sa hannu a takarda.

Kawu ya zo Asabar ɗin da fotokwafin katin aikinshi, suka shige cikin shago suka bar ni a waje ina karɓar kuɗin wata mata da ta sayi rabin katan na sabulu. Kaftanin kuwa Umma ta wanke shi sau biyu, ƙurar katan ɗin madarar nan ba ta gama fita daga aljihun gaba ba.